Amsata ba daidai ba ce, amma Malam ya ba ni biyar cikin takwas

Ƙannena masu shirin zana WAEC, ga abin da ya same ni ina aji shida na sakandare. A jarrabawar gwaji ta lissafi an ba mu wata tambaya mai maki takwas: wani lambu mai kusurwa huɗu, tsawonsa ya fi ninki biyu na faɗinsa da mita 3, girmansa kuma murabba'in mita 90. A nemo faɗin, sannan a nemo kewayen. Na san hanyar sarai. Da aka dawo da takardu sai na tarar da maki ɗaya tal, da jan biro ya zagaye shafin kamar an yi wa gona shinge.

Ga irin abin da na zuba a gefen takardar:

```
x(2x+3) = 2x²+3x = 90 = 2x²+3x−90 = 0
729    29    26/4 = 6.5    16    45
```

Ni a kaina komai a jere yake. A takarda kuwa ban faɗi mene ne x ba, ban nuna daga ina 729 ta fito ba, 45 ɗin ma ba ta da ko mita a bayanta. Layin farko kuma ƙarya ce tsagwaronta, domin na jera alamar daidai har ta kai ni ga cewa 90 daidai take da sifili. Na ɗauki alamar a matsayin "sai kuma", alhali ma'anarta abin da ke hagu da na dama abu guda ne.

Malamin lissafinmu, wanda ya daɗe yana zuwa duba takardun jarrabawa, ya kira ni bayan an tashi. Bai gaya mini inda na yi kuskure ba. Ya miƙo mini sabuwar takarda ya ce, "Sake rubuta wannan aikin naka, kada ka gyara ko lamba ɗaya. Abu ɗaya a kowane layi, kamar kana yi wa ƙaninka bayani." Na ce, "Malam, ai amsar ba za ta canja ba." Ya ce, "Na sani. Rubuta."

Na fara da bayyana cewa faɗin lambun mita x ne, sannan na sauko:

```
tsawo = 2x + 3
x(2x + 3) = 90
2x² + 3x − 90 = 0
x = [−3 ± √(3² − 4(2)(−90))] / (2 × 2)
x = (−3 ± √729) / 4
x = (−3 ± 29) / 4
x = 6.5  ko  x = −8
kewaye = 2(6.5 + 16) = 45 m
```

A zauren jarrabawa da Turanci za ka rubuta kalmomin, amma jerin haka yake. Malam ya ɗauki biro yana bin layukan yana ɗora ƙananan alamu a gefe, ya tara, ya rubuta biyar. Amsa ɗaya, kuskure ɗaya, amma maki huɗu sun ƙaru.

A nan ya fahimtar da ni yadda ake rabon makin. Mai duba takarda yana da jadawali a gabansa, kuma maki iri uku ne a ciki. Akwai M, makin hanya, wanda ake ba ka don ka ɗauki matakin da ya dace. Akwai A, makin daidaiton lamba, wanda ba ya zuwa sai M ɗin da ya rataya a kai ya samu. Sai B, wanda ke tsaye da ƙafarsa, kamar rubuta tsawo daidai. A rabon da Malam ya yi wa tambayar, na ci B1 a tsawo, M1 a ninka faɗi da tsawo su ba da 90, A1 a mayar da komai gefe guda, M1 a zuba lambobi cikin fomula, sai M1 na ƙarshe a kewaye, domin hanyar tara gefuna daidai ce ko da lambobin da na tara gurɓatattu ne. Uku da na rasa duk A ne, kuma duk daga layi ɗaya suka zube.

Ban ma ɗaga kai daga takardar ba na ga layin. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 729 ita ce 27, ba 29 ba. Ai 29 sau 29 dole ta ƙare da 1, tunda tara sau tara 81 ne. Da 27, x ta zama 6 ko −7.5. Faɗi ba ya zama ƙasa da sifili, don haka a rubuta wannan dalilin a layi guda a ɗauki 6. Tsawo 15, kewaye mita 42. Da na ninka 6.5 da 16 tun farko na ga 104 maimakon 90, da na gane akwai matsala, kuma wannan gwajin bai kai rabin minti ba.

Layin da na fi so ku riƙe shi ne na huɗu, inda aka zuba lambobi cikin fomula kafin a taɓa kalkuleta. Shi ɗalibai suka fi tsallakewa, don yatsa ya riga biro sauri. Amma shi ne shaidar da mai dubawa ke nema. Idan ka rubuta 4(2)(−90) a fili sannan ka yi tuntuɓe a gaba, makin hanya ya riga ya shiga aljihunka. Idan 729 kawai ya gani, ko wata lamba da ba ita ba, ba zai zauna yana duba maka zuciya ba, ga tulin takardu na jiransa.

Kada dai ku ɗauka tsafta tana wanke kowane laifi. Da na rubuta tsawo a matsayin 2(x + 3), ko na haɗa kewaye da 90 maimakon girman fili, da hanyar ce ta karkace tun daga tushe, kuma kyan rubutu ba zai dawo da makin da ya rataya a kanta ba. Wanda kuma ya yi ta gwada lambobi a ka har ya faɗo kan 6 da 15, ya rubuta su kawai, ya sani amsa marar hanya ba ta cika kawo abin kirki ba.

Kuskurena na biyu ya biyo baya ne saboda zaƙewa. A gwaji na gaba sai na riƙa yin kowace tambaya sau biyu, ta datti a bayan takarda, ta ado a gaba. Takarda ta biyu ta lissafin WAEC tambayoyi 10 ake amsawa cikin awa biyu da rabi, wato kusan minti 15 kowace. Lokaci ya ƙare ina kan ta takwas. Abin takaicin ma, na riga na murje tsohon aikin ta takwas ɗin da biro har ba ya karantuwa, sabon kuma layi uku kawai na kai. Na saki reshe na kama ganye.

Daga nan na mayar da sake rubutu aikin gida. Kowane dare nakan ɗauki tambaya ɗaya da na warware a hargitse, in jera ta, in sa wa kaina M da A a gefe in ga ko kowane layi yana da abin da za a kama. Bayan wasu makonni hannuna ya fara jerawa tun a karon farko. A zaure kuwa, ƙaramin lissafin gefe nakan bar shi a shafin amsar, tunda umarnin takardar ma ya ce a nuna shi tare da amsa. Idan dole in sake wani sashe, sai na kammala sabon tukuna, sannan in ja wa tsohon layi ɗaya siriri.