Abin da ya sa muka kai ERP ɗinmu gajimare duk da katsewar intanet

Da aka ce in zaɓa wa kamfaninmu inda za a ajiye manhajar ERP, wadda ke riƙe da lissafi da sito da albashi, ban yi wata-wata ba na ce a sayo saba a kafa a ofis. Hujjata ita ce intanet ɗinmu ba abin dogaro ba ne. Shugaban sashen kuɗi ya ce, "Malam, wutar fa?" Na rasa amsa.

Sai na ɗauki wata guda ina rubuta kowace ɗaukewar wuta da kowace katsewar layi. Na bar wata tsohuwar kwamfuta tana lura da layin dare da rana:

```
ping -D 8.8.8.8 >> layi.log
```

Layin yakan katse, amma galibi na 'yan mintoci. Kuma idan ya katse aiki ne kawai ke tsayawa, bayanan suna nan lafiya. Wuta kuwa illarta daban. Sabar da muka aro don gwaji ta mutu tana tsakiyar rubutu, domin batirin UPS ɗin ya tsufa, bai riƙe ta ba kafin janareta ya tashi. Ita PostgreSQL, manhajar rumbun bayananmu, tana iya farfaɗowa daga irin wannan, muddin faifan ya rubuta abin da ya ce ya rubuta. Namu yana tara rubutu a ƙwaƙwalwar wucin gadi marar batir, wuta na tafiya ya tafi da shi. Rumbun ya ƙi buɗewa, muka koma kan kwafin daren jiya. Da aikin gaske ne, da rasitan yini guda sun salwanta.

Daga nan na sake lissafi. Saba tana cin wat ɗari uku zuwa biyar, ga na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba ranar hutu. Rauta da suwic kuwa ƙaramar inbata ta ishe su yini. Muka zaɓi gajimare, wato ajiye manhajar a sabobin wani kamfani ta intanet, muka ɗauki layi biyu daga kamfanoni biyu, rautar tana komawa kan na biyu da kanta.

A nan na yi kuskure. Ban tambayi ta inda kowane layi ya biyo ba. Ashe kan igiyar faiba ɗaya suke, ranar da masu haƙa hanya suka tsinke ta duka suka ɗauke tare. Yanzu na biyun na tauraron ɗan'adam ne. Alkawarin kashi 99 cikin ɗari ma da suke rubutawa, in ka lissafa, katsewar awa bakwai ke nan a wata, kuma ba wanda ya ce da dare za ta zo.

Wurin sayarwa ne kaɗai ba ya jure jira, shi ya sa muka sa masa manhajar da ke karɓar ciniki ba layi, ta tura daga baya. Matsalarta, adadin kayan sito yakan yi ƙarya kafin layi ya dawo, har mun taɓa sayar da kaya ɗaya sau biyu. Da muna da masana'antar da injuna ke jiran umarni daga manhajar, da saba zan kafa a gida, in ɗauki mutumin da aikinsa ke nan.