Talata, ranar da motar albasa ta iso

Ina da ciwon suga. Yau kwana 11 ke nan da manna wannan sensar, wato na'urar da ke auna suga tana nuna lambar a waya, a bayan damtsena na hagu, saura kwana uku ta ƙare. Da asuba kafin in fita daga Agege, nan Legas, na duba waya, ta nuna 118 mg/dL, kibiyar da ke nuna inda suga ya dosa tana kwance. Na huda yatsa kamar yadda na saba yi sau ɗaya da safe, mitar auna suga a jini ta ba ni 112. Tazarar shida ba komai ba ce. Duk lokacin da suga ya zauna wuri ɗaya, kamar bayan barcin dare, su biyun kusan bakinsu ɗaya ne. Rigimar sai suga ya fara gudu.

Bayan azahar na sayo shinkafa da wake a gefen rumfarmu a kasuwar Mil 12, na yi allurar insulin mai saurin aiki daidai da kwanon da ke gabana. Ban kai rabi ba aka ce motar albasa daga Aliyero ta shigo. Kawu ya ce in tashi in ƙirga buhu, don ni ke riƙe da littafin. Na rufe kwanon na tafi, kuma nan ne kuskurena. Insulin na cikakken kwano yana jikina, abincin rabi ne, ga kai da kawowa cikin rana tsakanin mota da rumfa. Motsa jiki shi ma yana jan suga ƙasa, ya haɗu da allurar suka ja tare.

Wajen ƙarfe uku na ji gwiwata ta ɗan saki. Na ciro waya: 104. Wanda bai sani ba zai ce lafiya lau, ai ƙasa da 70 ne ake cewa suga ya faɗi. Amma kibiyar da ke gefen lambar ta miƙe tsaye tana kallon ƙasa. A irin sensar da nake sawa, wannan yana nufin suga yana sauka da fiye da 2 mg/dL a kowane minti. In ta karkace ne, tsakanin 1 da 2 ke nan. In a kwance take, canjin bai kai 1 ba.

Abin da ya ɗauke ni watanni kafin ya zauna mini a kai shi ne cewa sensar ba jini take aunawa ba. Ɗan siririn zaren da ke shiga ƙarƙashin fata yana zaune ne a cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki. Suga sai ya bi jini tukuna, sannan ya tsattsafa zuwa wannan ruwan, kuma na'urar ita ma tana ɗan tace lambobin kafin ta nuna. Shi ya sa take baya da minti biyar zuwa goma sha biyar. Wato 104 ɗin da nake kallo labarin ɗazu ne. Na yi lissafin a tsaye: in jinkirin minti goma ne, ana sauka da aƙalla biyu a minti, to jinina ya riga ya yi ƙasa da ashirin ko fiye. Ina wajen 80, kuma ban tsaya ba.

Na wanke hannu da ruwan leda na goge ya bushe. Wannan ba na wasa da shi, don akwai ranar da na auna bayan na ɓare mangwaro, mita ta ba ni lamba mai tsoratarwa, ashe zaƙin da ke kan fata ne ya gauraya da jinin. Na huda: 79. Tazarar 25 tsakaninsu a daƙiƙa ɗaya, kuma babu wadda ta lalace a cikinsu.

Ban jira ya kai 70 ba. Na aiki yaron rumfa ya kawo lemon kwalba mai sukari, na duba jikinta, kusan giram 10 a kowane mililita 100. Na sha abin da bai kai rabin ƙaramar kwalbar ba, wajen giram 15 ke nan, na zauna kan buhu a inuwa, na duba agogo.

Minti 15 suna cika waya ta fara ƙara. Lamba 68, da ja, kibiya a karkace tana kallon ƙasa. Kawu ya ji, ya taso da sauran lemon a hannunsa.

"Kai yaro, shanye wannan. Ba ka ga abin yana kuka ba?"

Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri minti ɗaya in duba yatsa."

"Wane yatsa kuma? Wannan da ka kashe wa kuɗi ba ita ce ta sani ba?"

Na huda a gabansa, mita ta nuna 84. Na juya masa su biyun ya gani. Na ce masa jinin ya riga ya juyo, ita wayar yanzu take isa ramin da na fito daga ciki. Ya yi shiru yana kallona, ya ce to Allah ya sawwaƙe, amma bai ajiye kwalbar ba, ya tsaya a kaina da ita. Tsoronsa na gaske ne, ya taɓa ganina na faɗi shekarun baya kafin in san wannan na'urar, kuma ba zan taɓa ganin laifinsa ba.

Wannan gaɓar ita ce mafi wuya a wurina, ta fi faɗuwar kanta. Jiki yana rawa, yunwa ta taso kamar za ka cinye rumfa, waya tana ihu, mai ƙaunarka yana miƙo zaƙi. Watan jiya na biye wa ƙarar, na shanye kwalba guda na ƙara da biskit, kafin la'asar ina sama da 260. Na yi allurar gyara, da magariba na sake faɗuwa. Yini guda ina lilo. Yau da yatsa ya nuna ƙasa da 70, da na ƙara wani giram 15 ba tare da gardama ba. Tunda ya nuna 84, na riƙe bakina.

Bayan wasu minti goma waya ta koma 81, kibiya ta karkace sama. Yatsa ya ce 101. Yanzu sensar ta koma ƙasa da jini, ɗazu kuwa tana samansa. Haka abin yake: in suga yana sauka takan nuna fiye da gaskiya, in yana hawa takan nuna ƙasa da ita. Na buɗe kwanona na cinye sauran shinkafar, don lemo ba ya daɗewa a jiki, insulin ɗin kuwa yana da sauran aiki na awa ɗaya ko biyu.

A danfo kan hanyar gida na ji gefen sensar ya fara ɗagowa saboda gumi. Da na isa mai ɗakina ta goge wurin ta ƙara mini filasta a kewaye. Ta tuna mini kada in kwanta a kan hannun hagu, don daren Juma'a na danne ta da nauyina, ta tashe mu ƙarfe biyu tana nuna 58, yatsa kuwa ya ce 110, da na juya lambar ta dawo da kanta.

Na rubuta lambobin yau da lokutansu a bayan littafin albasa. Ranar asibiti zan tambayi likita ko a ranakun da ake jiran mota zan iya raba allurar rana gida biyu, rabi kafin ci, rabi in na tabbatar na gama kwanon. Yanzu ƙarfe goma da kwata, 131, kibiya a kwance.