Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gidan da Kowa Yake Sona

A makon jiya na tsaya ne a inda Malam, aminin mahaifina marigayi, ya ce in riƙa zuwa gidansa da ke Gwale in gaisa da 'yarsa ta biyu, idan Allah ya haɗa jininmu shi ke nan. Lokacin muna cikin 2013, ina da ɗan tebur na shadda da atamfa a Kantin Kwari, ba ni da arziki amma ba na neman na cefane a wurin kowa.

Irin tarbar da aka yi mini a gidan nan, ban taɓa ganin an yi wa wani saurayi ba. Abokaina da ke zuwa zance wasu unguwanni, a tsaye suke yi a jikin katanga, sauro na cin su, wani ma yayan yarinya ya zo wucewa ko amsa sallamarsa ba zai yi ba. Ni kuwa tun kafin in kafe babur autansu ya ruga ciki yana ihun "Ga Yaya ya zo!" Kafin in gama gaisawa da mutanen ƙofar gida an share zaure, an shimfiɗa darduma a kan tabarma, an kawo ruwa da zoɓo mai sanyi. Ranar Juma'a kuwa sai an fito da kwanon dambun shinkafa ko waina da miyar taushe, a ce in ji Umma. Idan na shiga gaishe ta na durƙusa daga bakin ƙofa, sai ta ce, "Haba ɗana, shigo mana, ai nan gidanku ne." Malam kansa, wanda almajiransa ke shakkar haɗa ido da shi, yakan tsayar da ni bayan sallar isha'i ya tambayi kasuwa, ya ba ni labarin yadda suka yi karatun allo da mahaifina.

Ita kuma yarinyar, wadda ba zan faɗi sunanta ba don yanzu uwar 'ya'ya ce, takan fito. Ba ta taɓa ƙin fitowa ba. Sai dai takan daɗe, kuma idan ta fito da hijabin da ta yi sallar magariba take zuwa, ƙanwarta na biye da ita. Ta zauna can ƙarshen tabarma ta ce, "Ina wuni, ya kasuwa, ya su Hajiya?" Daga nan zance ya koma hannuna. In na kawo labari ta ce "Allah sarki." In na tambayi ra'ayinta ta ce "Duk yadda kuka gani." In na ce ko akwai abin da take so ta ce "Ba komai." Ƙanwar ce ma ke dariya idan na yi barkwanci.

Duk wanda na gaya wa sai ya ce kunya ce, 'yar malamai ce, ka gode wa Allah. Hajiyata ma haka ta ce, don ita Umma ta riga ta saye ta da aike: yau man shanu, gobe kuka da daddawa, da salla kuma ƙafar rago guda. Mutum ɗaya ce ba ta ce haka ba, Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke Fagge, wadda ta aurar da 'ya'ya mata da yawa, nata da na riƙo, ta kuma ga wasu sun dawo mata da akwati.

Na je mata da zumuɗi ina lissafa alherin gidan. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, duk na ji. Uwa ta yi, uba ya yi, yara sun yi. Ita me ta yi?"

Na ce ai tana fitowa.

Ta ce, "Uban da ya ce ka zo, shi ya ce ta fito. Wannan ba nata ba ne. Kawo mini abu ɗaya da ta yi wanda ba wanda ya sa ta."

Na zauna ina lalube. Abinci daga Umma yake. Saƙon "a gaida Hajiya" daga Umma yake. Katin waya na naira ɗari huɗu da nake tura mata, amsarsa kullum kalma biyu ce, "Na gode," kuma ba ta taɓa kirana da shi ba, ko fulashin. Turaren da na kai mata, a jikin ƙanwarta na ji ƙamshinsa. Atamfar da na zaɓa da hannuna daga cikin sabbin kaya, an ɗinka wa autarsu ta mata riga da zane da ita.

Daga nan Gwaggo ta shiga warware mini abin da har yau nake ganin ya fi duk wata nasihar aure da na taɓa ji amfani. Ta ce kowa a gidan yana da dalilinsa na sona, kuma dalilan na gaskiya ne, ba yaudara ba. Malam yana ganin fuskar amininsa a fuskata, yana so zumunci ya ɗore. Umma tana da 'yan mata uku a gabanta, ga mai sana'a da ba ya shaye-shaye, an san asalinsa, uwarsa ba mai faɗa ba ce. Wace uwa ce za ta yi wasa da wannan? Yayanta kuma, a farkon shekarar ne gwamnati ta hana goyo a babur a Kano, acaɓar da yake yi ta tsaya cak, ni na roƙi maigidana ya ɗauke shi yana jiran shago. Yara kuwa alewa da 'yan canjin da nake ba su sun ishe su hujja. "To duk wannan," in ji ta, "ba ɗaya da ya bi ta zuciyar yarinya ya fito. Kowa nasa son yake yi maka."

Na ce to ta yaya ake bambance kunya da rashin so, tunda dukansu shiru ne da sunkuyar da kai?

Ta ce mai kunya bakinta ne kawai a ɗaure. Za ta daɗe ba ta fito ba, amma in ta fito ka ga inda lokacin ya tafi: kwalli, lalle, mayafin da ya shiga da zane. Ba za ta ce ta yi kewarka ba, amma ranar da ka saba zuwa ba ka zo ba, in ka dawo za ka tarar da fushi, ko ta ce "Ai na zaci an yi mana kishiya tun ba a kai ko'ina ba." Tana bugun cikin ƙannenta ta ji me ka ce da ta shiga ciki. Tana riƙe ƙananan maganganunka, ka ce Hajiya na ciwon ƙafa, bayan mako biyu ta tambayi ƙafar. Kuma takan kori ƙanwar da aka haɗa ta da ita, ko ta aike ta sayen wani abu. Wadda ba ta so kuwa ladabinta cikakke ne, ba ta da laifin da za ka kama, ba ta taɓa jin haushinka, don ba ta jiran komai daga gare ka. "Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma," in ji Gwaggo, "kai kuwa tabarma aka yi ta shimfiɗa maka."

Ta ba ni shawara in ɗauke ƙafa na ɗan lokaci ba tare da na ce komai ba, in ga wa zai neme ni. Na yi hakan, da ƙyar. Yayanta ya same ni a kasuwa ya ce lafiya kuwa. Umma ta aiko auta gidanmu da kunun gyaɗa wai ko ba ni da lafiya. Malam ya tambayi ƙanin mahaifina a wurin wata jana'iza. Wayata kuwa ba ta taɓa nuna sunanta ba. Da na koma, gaisuwarta ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba: "Ina wuni, ya kasuwa, ya su Hajiya?"

Duk da haka Gwaggo ta ce wannan alama ce kawai, ba a yanke hukunci da ita, don akwai yarinyar da tsoron uba ke hana ta ko taɓa waya. Sai an ji daga bakinta. Kuma ba ni zan tambaya ba, ba Umma ba, ba Malam ba, don duk cikinmu ba wanda za ta iya kallo ta ce a'a. A gidan Bahaushe mai jin irin wannan magana ita ce kaka, wadda ake wasa da ita, ko wata gwaggo ko inna da yarinya ta saba kwana a ɗakinta. Kakarta ta wajen uwa tana zaune a Ɗorayi, kuma sun san juna da Gwaggo tun suna amare.

Na kawo mata abin da kowa ke kawowa, cewa ai hadisi ya ce shirun budurwa izininta ne. Ta ce ita ma ta je Islamiyya. Hadisin ya fara da cewa a nemi izininta, sannan shirun ya zama amsa; kuma malamanmu na Malikiyya sun so a sanar da ita tukuna cewa in ta yi shiru za a ɗauka ta yarda. Shirun da ba tambaya a gabansa ba amsar komai ba ne. Ta kuma ce a yi wannan bincike yanzu, tun ba a kai kuɗin gaisuwa an sa rana ba. Da zarar an raba goro da alewar sa rana, dangi sun ji, an fara haɗa lefe, janyewa ta zama abin kunyar gida biyu, yarinya kuma sai ta haɗiye ta shiga. Irin wannan auren ne ake ganinsa bayan watanni a gaban alƙali ana lissafin sadakin da za a mayar a yi hul'i, amincin iyaye na shekara da shekaru ya tafi a banza.

Gwaggo ta shiga A Daidaita Sahu ta tafi Ɗorayi da sabulu da goro. Kakar ta aika a turo mata jikarta ta taya ta kwana, wai jikinta ba daɗi. Abin da ya dawo mini ta bakin Gwaggo bai yi kama da abin da na shirya ji ba. Na zaci za a ce akwai wani. Babu kowa. Yarinyar ta ce ba ta ƙi ni ba, ba ta ga aibuna ba, amma tunda aka fara maganar ba wanda ya tambaye ta, ita kuma burinta ta shiga makarantar koyon aikin jinya, ta ci jarrabawarta ta sakandare, takardun na cikin akwatinta. Da kakar ta ce to me ya hana ki faɗa, sai ta fashe da kuka ta ce, "Ta yaya zan ce ba yanzu ba, alhali Baba ya ce ɗansa ne, Umma ta gama gaya wa 'yan'uwanta, Yaya kuma a dalilinsa yake cin abinci?"

Wato son da gidan ke yi mini shi ne ya rufe mata baki. Kowane kwanon waina da aka fito mini da shi, kowane alheri da na mayar, ƙara mata nauyin maganar yake yi.

Ina cikin juya wannan a raina, ban ma san ta inda zan ɓullo ba, sai ga ƙanin mahaifina ya zo gida bayan la'asar da fara'arsa. Ya ce Malam ya kira shi, ya ce tunda yara sun fahimci juna, a turo magabata ranar Asabar a tsayar da magana kafin azumi. Hajiya ta rangaɗa guɗa. Gwaggo, da ke zaune a gefe tana ɓare goro, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai za ka je wurin Malam ko ni?"

Yadda muka yi da Malam a zaurensa, da abin da ya faɗa da ya ji sunan makarantar jinya, sai a kashi na 10, mako mai zuwa in Allah ya kai mu.