Kwana uku fom a lalace, iyakar sama ba ta ce uffan ba

'Yan uwa masu koyo, makon jiya na sha takaici. Ina kula da tallar wani shagon sola, kullum naira 42,000 ke fita, mutum wajen 29 su cike fom. Ranar Talata na taɓa shafin fom ɗin, maɓallin turawa ya daina aiki a wasu wayoyi, masu cikewa suka koma goma-goma. Sai Juma'a na farga. An kashe 126,000 a kwana uku, abin da aka samu bai wuce na 44,000 ba.

A teburin lissafin da nake bin tallar da shi, ginshiƙin kuɗin da ke fita ba shi da laifi, don adadin bai motsa ba. Na CPL, wato kuɗin da ake kashewa kan kowane mutum ɗaya da ya cike fom, shi ne ya ba ni haushi: ya tashi daga kusan 1,470 zuwa 4,200, amma layin bai yi ja ba. CPL na ginshiƙin D, kuma layi kan yi ja ne in ya wuce iyakar sama. Ga yadda na lissafa iyakar a layi na 9, na Talata:

```
=AVERAGE(D3:D9)+3*STDEV(D3:D9)
```

Kun ga D9? Ranar da nake aunawa tana cikin ma'aunin. Kwana shida kafin Talata sun ba da 1,400, 1,550, 1,300, 1,500, 1,450 da 1,600. Da 4,200 ta shiga cikinsu, matsakaici ya hau 1,857, sigma, wato ma'aunin yadda lambobi ke bazuwa daga matsakaici, ta kumbura zuwa 1,038, iyaka ta tafi 4,970. Wato ranar da kanta ta ɗaga katangar da ake jira ta tsallake.

Da farko na zaci tashin ne bai kai ba, sai na sa 50,000 a wurin don gwaji. Shiru! Na kwana a kansa kafin na gane dalili. In lambobi n ne, har da wadda ake aunawa, nisanta da matsakaici ba ya taɓa wuce (n−1)/√n na sigma. A bakwai, 2.27 ke nan. Ashe wata biyu ina gadi da ƙararrawar da ba za ta taɓa kaɗawa ba. Sai lambobin sun kai 11 ma ake iya taɓa sigma uku, da ƙyar.

Gyaran kuwa matsawa ce ta layi ɗaya:

```
=AVERAGE(D2:D8)+3*STDEV(D2:D8)
```

D2 tana da 1,480. Matsakaici ya dawo 1,469, sigma 99, iyaka 1,765. Talata ta yi ja nan take, kuma wallahi na ji daɗin ganin jan nan.

Da sauran aiki. Kwanakin nan uku na cire su daga lissafi da hannu, in ba haka ba za su buɗe iyakar har mako guda. Sannan sigmar kwana bakwai tana rawa da yawa, jiya ta yi mini ƙarar banza a kan 1,790. Yanzu ina gwada kwana 28, kuma ba na auna rana sai ta ƙare, don da hantsi kuɗi kan riga masu cike fom.