Abin da "wai" da "ashe" suka koya min a aikin tattara bayanai

Lokacin da na fara aikin furojet ɗina a kan kalmomin da ke nuna ta ina mutum ya samo labari, gani ya yi ko ji ya yi, da kuma masu nuna mamaki, na ɗauka zan zauna da mai harshe in ce ya ake cewa kaza, ya faɗa min in rubuta shikenan. Sati biyu ina yi da wata dattijuwa a unguwarmu, rikoda a kunne, ko "wai" ɗaya ban samu ba. In na ce Inna ya za ki ce Audu ya dawo, sai ta ce to Audu ya dawo mana. Kuma gaskiyarta, ai ban gaya mata ta yaya ta san ya dawo ba.

Sai na daina tambayar jimla na koma shirya mata labari. Na ce Inna a ce kina ɗaki ba ki ga kowa ba, jikarki ta shigo ta ce Audu ya dawo, sai maƙwabciya ta tambaye ki, me za ki ce mata? Nan take ta ce "wai ya dawo". Na sake cewa to a ce kin san yana Legas sai bayan sallah zai zo, kin ɗaga labule kawai kika gan shi a tsakar gida. Ta tafa hannu ta ce "ashe ka dawo!". Abu ɗaya kawai na canja, abin da ta sani kafin ta yi magana. Turkanci ma ya fi rikitarwa, don su ɗafi ɗaya ne, -mish, kamar a kalmar gelmish, yake ɗaukar ji da hasashe da mamaki duka, ba ka rabe su sai da irin wannan labarin.

Inda na fi shan wahala shi ne tambayar "ana iya cewa haka?", don mutanenmu akwai kara, komai ka kawo sai a ce eh ana cewa. Yanzu sai in ɗora wa jimlar wani zance da zai iya karo da ita. "Wai ya dawo, amma ni ban yarda ba" ta karɓa ba gardama, tunda zancen wani ne. Da na ce "ashe ya dawo, dama tun jiya na sani" sai ta yamutsa fuska ta ce ɗan nan wane irin zance ne wannan, in ka sani meye na ashe. Wannan yamutsa fuskar ita nake rubutawa, kuma in ta ce eh sai in roƙe ta ta maimaita da bakinta, sau da yawa a maimaicin take gyara jimlar ba ta ma lura ba.

Kuma ba kowane wai ne na ji-ji ba, da ta ce min "wai yaushe za ka gama ne?" ba wanda ya faɗa mata komai, gajiya ta yi, wannan daban na ware shi.