Sabar imel ta riƙa tambayar Spamhaus da bakinta

Cikin darussan da kula da sabar imel ta koya mini, wanda na fi yawan maimaita wa sabbin shiga shi ne wannan: jerin adireshin masu aika shara, irin na Spamhaus, ba sa amsa wa wanda ba su san shi ba. Mutum yana iya shirya Postfix tsaf, amma idan akwai 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a cikin `/etc/resolv.conf`, to aikinsa bai yi ba.

Duk lokacin da wata saba ta zo da wasiƙa, taka sabar takan juya lambobin adireshinta, ta liƙa musu `zen.spamhaus.org` a ƙarshe, ta aika tambayar ta DNS. Idan adireshin yana cikin jerin, amsa takan dawo kamar 127.0.0.2 ko 127.0.0.4. Idan ba ya ciki, babu amsa. Spamhaus tana bari ƙananan masu amfani su yi tambaya kyauta, saboda haka dole ta ƙirga wa ke tambaya, kuma sau nawa. In ka bi ta rizolbar Google ko ta Cloudflare, wato sabobin DNS na 8.8.8.8 da 1.1.1.1 da ke nemo maka amsa, adireshinsu take gani, tambayarka ta gauraya da ta dubban mutane. Sai ta ƙi. Maimakon amsar gaskiya, sai ta dawo da 127.255.255.254, wato ka biyo ta rizolbar jama'a. Idan kuma yawan tambaya ne ya wuce kima, 127.255.255.255 za ka gani.

Inda abin ke ciwo shi ne yadda Postfix ke karanta wannan amsa. Idan `reject_rbl_client zen.spamhaus.org` kawai aka rubuta, kowace amsa ta zo zai ɗauka cewa mai aikowa ɗan shara ne. Na ga sabar wani ƙaramin ofis da ta wuni tana korar wasiƙun abokan cinikinsa kaf, mai ofis yana ta zargin kamfanin intanet. A rajistar imel ɗin kuwa, kowane layin ƙin karɓa yana ambaton Spamhaus, har ga adireshin da babu laifin komai a kansu. Shi ya sa yanzu nake ƙayyade amsoshin da za a yarda da su:

```
reject_rbl_client zen.spamhaus.org=127.0.0.[2..11]
```

Wannan yana hana ɓarna, amma bai dawo da tacewar ba. Sai an kafa rizolba a kan sabar kanta, kuma a wajen zaɓenta ne mutane da yawa ke zamewa. An ji cewa dnsmasq tana ajiye amsa, ko an ga systemd-resolved tana saurare a 127.0.0.53, sai a ce ai ga ta gida nan. Dukansu biyu 'yan aike ne: suna karɓar tambayarka su miƙa wa wata rizolbar a waje, don haka har yanzu fuskar wani Spamhaus ke gani. Abin da ake bukata shi ne mai bin sawu da kanta, daga sabobin tushe har zuwa na Spamhaus, ta yadda tambayar za ta fita da adireshinka. Ni Unbound nake zaɓa, don ba ta da nauyi kuma wannan ne aikinta tun daga girkawa. BIND ma za ta yi, sai dai ta fi ƙarfin bukatar saba guda.

Ko da Unbound ɗin, akwai tarko biyu. Idan aka kwafo tsari mai `forward-zone` da ke tura komai zuwa Google, an koma gidan jiya. Idan kuma aka sa `private-address: 127.0.0.0/8` da sunan ƙarin tsaro, za ta riƙa share amsoshin jerin, tunda duk da 127 suke farawa, sai kowane ɗan shara ya wuce a matsayin mai tsabta, ba tare da wata alama ba.

Ba na yarda aiki ya kammala sai na gwada da adireshin gwaji:

```
dig +short @127.0.0.1 2.0.0.127.zen.spamhaus.org
```

Idan na ga 127.0.0.2, 127.0.0.4 da 127.0.0.10, hanya ta buɗe. Daga nan sai in maimaita ba tare da `@127.0.0.1` ba, don in tabbatar ita sabar ma nan take tambaya, domin DHCP ko systemd-resolved kan sake rubuta `resolv.conf` bayan an kashe an kunna. A Debian kuma Postfix yana da nasa kwafin a `/var/spool/postfix/etc/resolv.conf`, wanda ake sabuntawa idan aka sake tayar da shi. Mai amfani da SpamAssassin ya duba kawunan wasiƙu: muddin `URIBL_BLOCKED` na fitowa, tambayoyinsa ba ta gida suke bi ba, ko kuma sun yi yawa.

Wani lokaci komai daidai yake amma ƙin amsar ya ci gaba, musamman a sabar haya wadda adireshinta ba shi da sunan da ke nuna mai shi. A nan sai a gyara rikodin `PTR`, in bai yi ba a yi rajistar DQS a wajen Spamhaus, inda ake ba ka mabuɗin da ke shiga cikin kowace tambaya, ta yadda za su gane ka ko ta wace rizolba ka biyo.