Amsar da na ba maigidana yau

Yau da hantsi maigidanmu ya kira ni buronsa a nan Yamai, kan ƙarin jaka 40 da ya yi mini alkawari don in zauna. Ya riga ya san na ce wa sabon kamfanin da ya so ya ɗauke ni aiki a'a, ba ni da sauran abin ciniki a hannu. Na yi godiya, na ce, "Alhaji, na amince, amma a rubuta a kwantaragina: ƙarin ya shiga ainihin albashi, ba alawus ba, a sa watan da zai fara." Alawus ana iya janye shi ranar da kasuwa ta ja baya.

Ya yi shiru, har gabana ya faɗi, sannan ya kira akanta. Sai na ga takardar albashin ƙarshen wata hankalina zai kwanta.